Faɗa da Bakinka, Jingina ga Mai Shi: Satar Fasaha a Jingar Ɗalibin Koyon Malanta daga Sabo, Ibadan

Ɗalibin koyon malanta da ya tashi a Sabo ta Ibadan, idan aka ba shi jinga ya rubuta wani abu a kan unguwarsu, yana cikin wani hali da ba kowane ɗalibi ke shiga ba. Unguwar tasa tana da littafi sukutum da masana zamantakewa na duniya suka sani. Abner Cohen ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya bibiyi cinikin shanu da goro da harkar ɗariƙa, sannan ya fitar da littafinsa Custom and Politics in Urban Africa a 1969. Da wuya a yi rubutun ilimi a kan Hausawan Ibadan ba a bi ta kansa ba. To amma yawancin abin da ke cikin littafin, ɗalibin ya taɓa jin irinsa a zauren gidansu ko a bakin masallaci. Daga nan matsalar ke farawa, domin yana karantawa yana cewa ai wannan na sani, sai ya kwashe ya zuba a takardarsa ba tare da ambaton kowa ba. A zuciyarsa bai saci komai ba. A idon malamin da zai duba, ya yi satar fasaha.

Abin da nake son nunawa shi ne cewa madogara ba ladabi ba ce kawai da ake yi wa marubuci. Ita ce ke gaya wa mai karatu wa ya faɗi magana, yaushe ya faɗa, kuma a kan me ya tsaya. Idan aka cire ta, maganar kanta takan sauya ma'ana, wani lokaci ma ta koma ƙarya. Sabo wuri ne mai kyau na ganin haka ƙarara.

Mu ɗauki ɗaliba 'yar Sabo mai neman takardar NCE a fannin nazarin zamantakewa, ko a kwalejin ilimi ko ta karatun nesa na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. An ba ta jinga a kan kasuwanci da zaman tare tsakanin Hausawa da Yarabawa a Ibadan. Abin da za ta rubuta ya kasu gida uku, kuma kowane gida da hukuncinsa. Akwai abin da kowa ya sani: cewa Sabo unguwar Hausawa ce kusa da Mokola, cewa shanu na gangarowa daga Arewa goro kuma na haurawa. Wannan ba ya buƙatar madogara. Akwai abin da wani ya tono ko ya ƙidaya ko ya fassara: cewa an kafa unguwar a 1916, cewa mutanenta sun haura 4,000 lokacin da Cohen ya ƙidaya su, cewa ga dalilin da ya sa al'amura suka tafi yadda suka tafi. Wannan dole a jingina shi ga mai shi. Sai kuma abin da ita da kanta ta ji daga dattawan unguwa, wanda shi ma yana da hanyarsa ta daban. Yawancin satar fasahar da ba a yi da gangan ba tana faruwa ne idan aka tura kayan gida na biyu cikin gida na farko.

Ga misalin da ya fi kowanne nauyi. A farkon shekarun 1950 mutanen Sabo da yawa suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya, kuma a 1952 suka daina zuwa babban masallacin Juma'a na gari suka tsayar da tasu Juma'ar a unguwa. Wannan abu ne da ya faru. Cohen ya ɗora masa fassara. A ganinsa, lokacin da tsarin mulkin Turawa ta hannun sarakuna ya fara rushewa, siyasar jam'iyyu kuma ta shigo, Sarkin Sabo ya rasa ƙarfin da hukuma ta ba shi a da, sai jama'a suka sami sabuwar hanyar haɗa kansu da kare kasuwancinsu ta fuskar addini. Wato shi ya kalli ɗariƙar a matsayin abin da ya yi aikin siyasa da tattalin arziki. Wannan ra'ayin mutum ɗaya ne, masanin zamantakewa, wanda ya zo daga waje. Dattijon da ya karɓi wuridi a wancan zamani zai ce maka ya karɓa ne don Allah, saboda abin da ya ji na Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha da almajiransa.

Yanzu a ce ɗalibarmu ta rubuta cewa Hausawan Sabo sun shiga Tijjaniyya ne don su kare cinikin shanu da goro, ba ta ambaci Cohen ba. Laifi biyu ta yi a jimla ɗaya. Ta ɗauki tunanin da wani ya sha wahala kafin ya kai gare shi ta mai da shi nata. Sannan ta mai da fassara ta zama tabbataccen labari, ta kuma sa hannunta a kan hukuncin da wataƙila ita kanta ba ta yarda da shi ba game da kakanninta. Da ta rubuta cewa Cohen (1969) yana ganin shiga ɗariƙar ta taimaka wajen haɗa kan 'yan kasuwar unguwa bayan raunin sarauta, da ta bar wa kanta fili ta ce ta yarda, ko ta ce dattawan da ta tambaya sun ga abin ta wata fuska. A nan ne jinga ke zama nazari. Wanda bai ware maganar wani daga tasa ba, ba shi da wurin tsayawa ya yi muhawara da ita.

Haka zancen lokaci. Unguwar Sabo da Cohen ya gani ta shekarun 1960 ce. Yau babbar kasuwar shanu tana can wajen Akinyele, Sabo kuwa an fi saninta da 'yan canji da masu tsire. Ɗalibin da ya kwafi bayanin littafin ya rubuta shi da sigar yanzu, ba shekara ba suna, ya gaya wa malaminsa abin da ba haka yake ba game da titin da yake bi kullum. Shekarar nan da ke cikin baka biyu ita ke faɗakar da mai karatu cewa hoton tsoho ne.

Sai yadda ake sake faɗar magana da kalmomin kai, wanda a nan ne ɗalibai masu kyakkyawar niyya suka fi faɗawa rami. Bari mu gwada da jimla ɗaya. Ba kalmomin Cohen ba ne, ni na tsara ta don gwaji a kan abin da ya bayyana, amma mu ƙaddara ita ce a shafin littafin: "Masu gidaje a Sabo su ne ginshiƙin cinikin shanu, domin su ke saukar da fatake daga Arewa, su sama musu dillalai, su kuma tsaya musu idan mahauta sun ɗauki shanu bashi."

Ɗaliba ta buɗe littafi a gabanta ta rubuta: "Masu gidajen Sabo su ne ƙashin bayan kasuwancin shanu, saboda su ke ba 'yan kasuwar Arewa masauki, su nemo musu dillalai, su kuma lamunce musu idan mahauta sun karɓi shanu bashi." Kalmomi da yawa sun sauya, amma jimlar ba ta motsa ba. Farkonta ɗaya, dalilin yana wuri ɗaya, ayyuka ukun suna jere yadda marubucin ya jera su. Wata malamar koyar da rubutu a Amurka, Rebecca Moore Howard, ta yi nazarin irin wannan rubutun faci a farkon shekarun 1990, ta nuna cewa yawanci alama ce ta ɗalibin da bai gama fahimtar abin da ya karanta ba, ba lallai ta maha'inci ba. Na yarda da ita a kan dalili. Amma ɗalibi ya sani cewa ko ya liƙa sunan marubucin a ƙarshen irin wannan jimla, bai kuɓuta ba. Sunan ya biya haƙƙin tunani, bai biya haƙƙin ginin jimla ba, domin rashin alamar zancen wani yana nufin ɗalibin na cewa tsarin maganar nasa ne.

Hanyar da ke aiki tana farawa da rufe littafi. Ta karanta sakin layin sau biyu ko uku har ta iya bayyana shi ga ƙaninta da baki. Sai ta tambayi kanta: me ya sa nake buƙatar wannan a jingata? Jingarta a kan zaman tare ce, saboda haka abin da ya shafe ta shi ne yadda baƙo da ɗan gari suka amince wa juna da dukiya. Wannan tambaya ita ce za ta ba ta sabon mafarin jimla. Sai ta rubuta: "Bafataken da ya sauko da shanu bai san mahautan Ibadan ba, alhali cinikin yawanci bashi ne. A binciken Cohen (1969) na farkon shekarun 1960, abin da ya sa ya yarda ya saki dabbobinsa shi ne maigidan da ya sauka a wurinsa, wanda ya san mahautan kuma yake ɗaukar nauyin ganin an biya." Bayan haka ne za ta sake buɗe littafin ta gwada abu biyu: shin akwai jerin kalmomin da suka biyo ta ba ta sani ba, kuma shin ta ƙara wa marubucin abin da bai faɗa ba?

A duba abin da ya faru. Maganar ta fara daga matsalar bafatake maimakon matsayin maigida. Zancen dillalai ya fita, domin bai shafi hujjarta ba. An sa lokaci. Kalmomi irin su maigida da mahauta da bashi sun zauna yadda suke, kuma daidai ne su zauna, saboda sunayen abubuwa ne, ba adon marubuci ba. Ɗalibai kan wahalar da kansu wajen neman wata kalma a madadin sunan da ba shi da madadi, har su ɓata ma'ana, alhali abin da ya kamata su sauya, wato tsarin tunanin, sun bar shi yadda yake.

Gwaji na biyu, na ƙari, ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Idan marubuci ya ce yawanci, kada ya koma kullum. Idan ya ce mai yiwuwa, kada ya koma tabbas. Jingina wa mutum abin da ya fi ƙarfin abin da ya faɗa shi ma cin amanar madogara ne, ko da babu na'urar da za ta kama shi.

Akwai wani rami da ya keɓanci ɗalibi mai harsuna biyu ko uku, kamar yawancin 'yan Sabo da ke jin Hausa da Yarabanci da Turanci. Ya karanta da Turanci, ya fassara jimla bayan jimla zuwa Hausa don jingar sashen Hausa, ko ya ɗauko daga kundin Hausa ya juya zuwa Turanci. Tunda babu kalma ɗaya da ta yi daidai da ta asali, sai ya ɗauka aikin ya zama nasa. Fassara ba sake faɗa ba ce. Idan ya bi jimlolin asali daki-daki, hanya mafi tsabta ita ce ya ɗauke ta a matsayin zancen wani, ya ba da shafi, ya kuma ce fassarar tasa ce. Manhajar Turnitin, da jami'o'i da dama ke amfani da ita, tana gwada jerin kalmomi ne da abin da ke rumbunta. Fassarar da aka yi da hannu takan wuce ta, haka tsohon kundin da ke kan kanta a ɗakin karatu wanda ba a taɓa sa shi a kwamfuta ba. A ɗaya gefen kuma takan haska zancen da aka ɗauko bisa ƙa'ida da jerin manazarta. Saboda haka adadin da take fitarwa na kamanceceniya ne, ba hukuncin sata ba ne, kuma ƙarancinsa ba shaidar gaskiya ba ce.

Malamin da ya san aikinsa ba ya jiran na'ura. Yana ganin inda harshen ɗalibi ya tashi daga nasa na yau da kullum ya koma na farfesa a tsakiyar shafi, sannan ya sake faɗowa. Yana ganin sunan da ke cikin rubutu amma babu shi a manazarta, ko akasin haka. Yana ganin jinga mai ambaton littattafan da ɗakin karatun makarantar bai taɓa mallaka ba. Mafi sauƙi, yana iya kiran ɗalibin ya ce ya bayyana masa sakin layi na uku da baki. Wanda ya sake faɗa da fahimta zai amsa nan take, ko da harshensa na rawa.

Game da siffar madogarar kanta, sassan ilimi da yawa a Nijeriya suna bin tsarin APA, wanda bugunsa na 7 ya fito a 2019, yayin da Jami'ar Ibadan ke da nata littafin ƙa'idar rubutu. Ɗalibi ya tambayi wanda sashensa ke bi ya tsaya a kansa daga farko zuwa ƙarshe. A tsarin APA, sunan ƙarshe na marubuci da shekara ke shiga cikin rubutu, kamar (Cohen, 1969). Idan kalmominsa aka ɗauko, dole a sa alamar zancen wani da lambar shafi, in kuwa sun kai 40 ko fiye sai a ware su a sakin layinsu a tura ciki. Ga maganar da aka sake faɗa, shafi ba dole ba ne a ƙa'idar, amma ina ba da shawarar a sa shi idan littafi ne mai kauri, don wanda ke son ya duba kada a bar shi yana lalube. Tunda an sake buga littafin Cohen daga baya, shafin da za a bayar shi ne na bugun da ke hannun ɗalibi, kuma wannan bugun ne zai shiga manazarta.

Wurin ajiye madogarar ma yana da tasiri. Ɗalibai sun saba rubuta sakin layi mai jimla shida su maƙala suna ɗaya a ƙarshe. Mai karatu ba zai san ko jimlar ƙarshe kaɗai ce ta marubucin ko duka shidan ba. Gyaran shi ne a ambaci marubucin a inda maganarsa ta fara, a ci gaba da nuna cewa shi ke magana da kalmomi irin su ya ƙara da cewa ko a ganinsa, sannan a sa wata alama bayyananniya a inda ɗalibi ya karɓi zancen. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna gaban malamin zaure. A littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, irin su Bayan Wujub al-Hijra na 1806, ana ambaton malami da littafinsa kafin a kawo maganarsa, kuma al'adar marubutan Larabci ce su sa kalmar intaha a inda zancen da aka ɗauko ya ƙare. Ɗan'uwansa Abdullahi ya rubuta Ida' al-Nusukh musamman don lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Ɗan Sabo da ya yi makarantar allo da ta ilimi ya riga ya san cewa magana tana da mafari da iyaka da mai ita. Abin da ya rage masa shi ne ya ga cewa buƙatar kwaleji ita ce wannan ɗin a wata siga.

Sai batun da ɗalibai ba sa son a taɓo. Da yawa daga masu ambaton Cohen ba su taɓa riƙe littafinsa ba. Sun gan shi ne a wata maƙala ko a kundin wanda ya riga su gamawa. Rubuta (Cohen, 1969) a wannan hali iƙirari ne na karatun da ba a yi ba, kuma duk kuskuren da mai maƙalar ya yi wajen fahimtarsa ya zama na ɗalibi. Ƙa'idar ta tanadi mafita: a ambaci Cohen, a biyo da `as cited in` da sunan wanda aka karanta da shekararsa, ko a jingar Hausa a ce kamar yadda wane ya kawo. Wanda aka karanta ɗin shi kaɗai ke shiga manazarta. Babu abin kunya a wannan. Amma ga jingar da Sabo ce kanta batunta, ina ganin ya wajaba ɗalibi ya nemi littafin ya karanta aƙalla babin da ya shafe shi, ya kuma leƙa The Hausa Factor in West African History na Mahdi Adamu, wanda ya fito a 1978, don kada duk abin da ya sani game da ƙaurar Hausawa ya fito daga ido ɗaya.

Gida na uku, wato abin da aka ji daga dattawa, shi ne dukiyar da ɗalibarmu ta fi kowa, kuma shi aka fi wulaƙantawa. Ko dai a zuba shi ba tare da an ce daga ina ya fito ba, ko a ɓoye shi bayan an ce ko masana sun ce. Tsohon dillalin goro da ya ba ta awa guda yana bayyana yadda ake ɗaure huhu da yadda ake aika shi Kano ta jirgin ƙasa madogara ne kamar kowane littafi. A tsarin APA, irin wannan zantawa da mai karatu ba zai iya komawa ya duba ba ana ambatonta a cikin rubutu da sunan mutum da cikakken kwanan wata, ba ta shiga manazarta. Sassan Hausa da na tarihi kuwa sukan so jeri na daban a ƙarshe mai ɗauke da suna da shekaru da sana'a da wuri da ranar hira. Kowanne aka bi, sai ta fara neman izinin dattijon, ta gaya masa cewa maganarsa za ta shiga takardar makaranta. Idan zancen ya taɓa rikicin sarauta ko bashi ko saɓanin ɗariƙa, ta tambaye shi ko ya yarda a sa sunansa. In bai yarda ba, ta bayyana shi da sana'arsa da kimanin shekarunsa, ta ajiye cikakken bayanin a littafinta don malaminta.

Duk wannan yana tsayawa ne a kan yadda aka ɗauki bayani tun farko. Satar da ba a yi niyya ba takan faru ne makonni kafin a fara rubutu, lokacin da aka kwafi jimla a littafin rubutu ko aka ɗauki hoton shafi da waya ba tare da bangon littafin ba, daga baya aka manta ko ta wace ce. Ɗalibarmu ta raba shafin littafinta gida biyu. A hagu ta sa abin da ta ɗauko, da sunan marubuci da shekara da shafi a samansa, da alamar zancen wani a kan duk abin da ta kwafa kalma da kalma, ko da kalmomi biyar ne. A dama ta rubuta abin da ita take gani game da shi, da inda ya yi karo da abin da dattijon goro ya gaya mata. Ranar rubuta jinga, daga ɓangaren dama za ta fara kowane sakin layi, ta jawo na hagu a inda take buƙatar hujja.